Tambayoyi da amsoshi: yadda ake gane lafiyar layin sadarwa tsakanin rassan ofis daga sakamakon ping da traceroute

Waɗannan tambayoyi ne da masu kula da sadarwar ofisoshi ke yawan yi, musamman idan wani reshe ya kira ya ce "layi ya yi nauyi" kuma babu abin da ke hannu sai `ping` da `traceroute`. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu zurfi. Adireshi da lambobin da ke cikin misalan na koyarwa ne.

Mene ne ainihin abin da ping yake aunawa?

Ping yana aika ɗan ƙaramin fakiti na ICMP zuwa wata na'ura, ya jira ta mayar da amsa, ya ƙidaya lokacin da aka ɗauka. Lambar da kake gani bayan `time=` lokacin zuwa da dawowa ne a haɗe, a ma'aunin milisakan, wato ɗaya bisa dubu na sakan. Idan amsa ba ta dawo ba, sai ya lissafa fakitin a matsayin wanda ya ɓace.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga nan shi ne ping bai san inda aka yi jinkirin ba. Bai san ko a zuwa ne ko a dawowa, bai kuma san ko fakitinka ne ya ɓace ko amsar. Haka nan ba ya auna ƙarfin layi. Layi mai megabit 2 da mai megabit 200 za su iya nuna maka milisakan 14 iri ɗaya matuƙar babu mai amfani da su a lokacin.

Milisakan nawa ne ake cewa lafiya lau?

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowane layi, domin nisa ne ke fara yanke hukunci. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, don haka kowace kilomita 100 tana cin kusan milisakan 1 zuwa da dawowa. Rassa biyu da ke da tazarar kilomita 600 ba za su taɓa sauka ƙasa da milisakan 6 ba, kuma tun da waya ba ta miƙewa sak, ga kuma na'urori a hanya, ganin 12 ko 15 ba abin mamaki ba ne. A cikin ofis ɗaya, ta waya, ya kamata ka ga ƙasa da milisakan 1. Reshen da ke kan tauraron ɗan'adam na nesa, wanda ke tsaye a tsayin kilomita 35,786, ba zai sauka ƙasa da kusan milisakan 480 ba, kuma a aikace yakan kai 600. Wannan ba lalacewa ba ce, haka layin yake.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: nawa wannan layin yake nunawa a ranar da yake lafiya? Ka auna kowane reshe da sassafe, da tsakar rana, da dare, a makon da babu mai ƙorafi, ka ajiye sakamakon. Milisakan 60 ga reshen da ya saba da 55 ba labari ba ne. Milisakan 60 ga reshen da ya saba da 14 kuwa, akwai abin da ya faru. Ina matuƙar jaddada wannan, domin wanda bai ajiye awon ranar lafiya ba, duk abin da zai faɗa ranar matsala hasashe ne.

Na yi ping sau huɗu, duk sun dawo. Ai layin lafiya yake ke nan?

A'a. Fakiti huɗu, waɗanda su ne Windows ke aikawa idan ba ka ce komai ba, sun tabbatar maka da abu ɗaya kawai: akwai hanya. Idan layi yana zubar da fakiti 2 cikin 100, mafi yawan lokuta huɗun nan za su wuce lafiya. In kuwa aka yi rashin sa'a ɗaya ya faɗi, sai allo ya nuna maka ɓacewar kashi 25 cikin ɗari, lambar da ita ma ba gaskiya ba ce. Akwai wata ƙa'idar lissafi mai sauƙi: idan ka aika fakiti 300 babu ko ɗaya da ya ɓace, za ka iya cewa da ƙwarin gwiwa ɓacewar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Don haka 300 ne mafi ƙarancin da nake yarda da shi, wato kusan minti biyar.

```
ping -n 300 10.1.0.20      (Windows)
ping -c 300 10.1.0.20      (Linux, macOS)
```

Kada fakitin farko ya ɗaga maka hankali idan shi kaɗai ya ɓace ko ya yi jinkiri. Sau da yawa na'ura tana neman adireshin maƙwabciyarta ne ta ARP, ko kuma bututun VPN ne yake farkawa. Sannan ka yi awon a lokacin da mutane ke ƙorafi. Layin da ke shaƙewa da tsakar rana zai yi maka kyau sosai da ƙarfe bakwai na safe.

A taƙaitaccen sakamako akwai mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi girma. Wanne zan duba?

Duka ukun, amma a gwada su da juna. Mafi ƙanƙanta yana gaya maka tsawon hanyar ita kanta, lokacin da fakiti ya samu hanya babu kowa. Idan wannan lambar ta tashi daga 14 zuwa 45 ta zauna a nan, kuma matsakaici yana kusa da ita, to hanya ce ta canza: wataƙila babban layin kamfani ya yanke an karkatar da ku ta zagaye, ko rautar reshe ta koma layin ko-ta-kwana ba tare da kowa ya lura ba.

Idan kuwa mafi ƙanƙanta yana nan a 14, amma matsakaici ya haura 150, mafi girma ya wuce 300, hanya ba ta canza ba. Fakitoci ne ke tsayawa a jerin gwano a bakin wani layi da ya cika. Wannan bambancin shi ne rabin aikin bincike, kuma za ka gan shi a aikace a misalin reshen da ke yin nauyi da tsakar rana, can ƙasa.

Hawa da saukar jinkirin nan shi ne babban abokin gabar kiran murya da na bidiyo. Shawarar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba G.114 ta ce jinkirin tafiya ɗaya har zuwa milisakan 150 ba ya damun yawancin masu magana. Amma murya ta fi jure wa milisakan 120 da ke zaune daram a kan 40 da ke tsalle zuwa 250 ya dawo. A Linux, lambar `mdev` da ke ƙarshen sakamako ita ce ke nuna girman wannan tsallen.

Kashi 1 cikin ɗari na ɓacewa ai kaɗan ne. Me ya sa ma'aikata ke kuka?

Domin TCP, wanda shi ke ɗauke da fayiloli da manhajojin ofis, yana ɗaukar kowace ɓacewa a matsayin alamar cunkoso, sai ya rage gudu da kansa. Akwai sanannen lissafi na kimanta iyakar gudun haɗi guda, inda MSS yake nufin yawan bayanan da fakiti ɗaya ke ɗauka, RTT lokacin zuwa da dawowa, p kuma rabon fakitocin da ke ɓacewa:

```
gudu ≈ (MSS / RTT) × (1.22 / √p)
```

A ce kowane fakiti yana ɗauke da bait 1460, zuwa da dawowa milisakan 40 ne, ɓacewa kuma kashi 1 cikin ɗari. Lissafin zai ba ka kusan megabit 3.5 a sakan, ko da layin da ake biya na megabit 100 ne. Idan ɓacewar ta sauka zuwa ɗaya cikin dubu, gudun zai kai kusan megabit 11. Kimantawa ce, kuma sababbin dabarun TCP sun fi haka juriya, amma darasin yana nan: jinkiri da ɓacewa idan suka haɗu, ninka ɓarnar juna suke yi. Shi ya sa reshen da ke nesa yake shan wahala da ɓacewar da reshen kusa ba ya ma jin ta.

Ka kuma duba yadda ɓacewar take. Idan ɗaya-ɗaya ce a warwatse kuma jinkiri yana hawa tare da ita, cunkoso ne. Idan a warwatse take amma jinkiri na zaune lafiya, ka zargi waya, ko mahaɗin faiba mai datti, ko siginar rediyo mai rauni, ka je ka duba ƙididdigar kurakuran CRC a kan rauta. Idan kuwa fakiti 20 ko 30 ne suka ɓace a jere sannan komai ya dawo daidai, layi ne ya faɗi ya tashi, ko bututun VPN ya tsinke ya sake ƙulluwa.

Yaya traceroute yake gano zangon da ke hanya?

Kowane fakiti yana da wata lamba mai suna TTL, kuma duk rautar da ya ratsa sai ta rage ɗaya. Idan lambar ta kai sifili, rautar za ta jefar da fakitin ta aiko da saƙon cewa wa'adinsa ya ƙare. Traceroute yana amfani da wannan ne: ya aika da TTL 1, rauta ta farko ta amsa, ya aika da 2, ta biyu ta amsa, haka har ya isa. Kowane zango ana gwada shi sau uku, shi ya sa ake ganin lambobi uku a kowane layi na sakamakon. `tracert` na Windows yana amfani da ICMP, shi kuwa `traceroute` na Linux yana amfani da UDP daga tasha ta 33434 zuwa sama, don haka wani lokaci ɗaya yakan wuce fayawol ɗayan ya maƙale.

Kowace lamba lokacin zuwa da dawowa ne daga kwamfutarka zuwa wannan zangon. Ba tazarar da ke tsakanin zango da zango ba ce, kuma ba a tara su.

Wani zango a tsakiya yana nuna jinkiri mai yawa ko taurari. Shi ne mai laifin?

Yawanci ba shi ba ne, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a duk wannan fanni. Aikin rauta shi ne tura fakitocin mutane gaba, kuma manyan rautoci suna yin hakan da kayan aiki na musamman masu saurin gaske. Amsa wa traceroute kuwa aikin gefe ne da ƙwaƙwalwar rautar ke yi in ta samu sarari, kuma da gangan ake ƙayyade yawan amsoshin da za ta bayar. Don haka rauta tana iya jinkirta amsa maka, ko ta ƙi amsawa gaba ɗaya ka ga `* * *`, alhali tana wuce da fakitocinka ba tare da tangarɗa ba.

Ƙa'idar ita ce: matsala ta gaskiya tana bin hanya har ƙarshe. Duk fakitin da zai je zango na 5 dole ya ratsa na 3. Idan na 3 yana nuna ɓacewar kashi 40 amma na 4 da na 5 suna nuna sifili, to na 3 ba ya zubar da komai, amsa ce kawai yake rowa. Haka jinkiri: idan ya tashi a zango ɗaya ya sauka a na gaba, ka manta da shi. Sai idan ya fara a wani zango, ya ci gaba a duk waɗanda ke bayansa har zuwa inda aka nufa, sannan za ka ce daga nan abin ya soma. Ka fara karatu daga layin ƙarshe na sakamakon, ka hauro sama.

Tun da gwaji uku ba sa isa a auna ɓacewa, kamar yadda aka bayyana a tambayar ping sau huɗu, gara a yi amfani da `mtr` a Linux ko `pathping` a Windows, waɗanda ke maimaita awon kowane zango sau da yawa.

Ko za a nuna yadda ake bin matsala daga farko har ƙarshe?

A ce akwai reshe mai nisan kilomita 600 daga hedikwata, layinsa na megabit 10 ne, kuma awon ranar lafiya milisakan 14 ne babu ɓacewa. Ma'aikata sun ce daga ƙarfe 11 zuwa 2 manhajar lissafi tana tsayawa, kiran murya yana yankewa. Da tsakar rana sai a zauna a wata kwamfuta da ke kan waya, ba Wi-Fi ba, a auna zuwa adireshin waje na hedikwata:

```
mtr -r -n -c 300 -o "LSABW" 203.0.113.50
   Host            Loss%  Snt    Avg  Best   Wrst
1. 10.2.0.1         0.0%  300    0.6   0.4    2.1
2. 198.51.100.1     2.7%  300  148.0   2.9  310.4
3. 198.51.100.77   41.0%  300  152.3   6.2  322.0
4. 203.0.113.9      2.3%  300  156.8  11.8  318.7
5. 203.0.113.50     3.0%  300  159.1  13.6  325.5
```

Ido zai fara sauka a kan kashi 41 na zango na 3, amma na 4 da na 5 sun wanke shi, tun da ɓacewarsu ba ta wuce kashi 3 ba. Layin ƙarshe ya tabbatar akwai matsala ta gaske: kashi 3 sun ɓace, matsakaici ya kai 159 maimakon 14. Mafi ƙanƙanta kuwa 13.6 ne, daidai da ranar lafiya, don haka hanya ba ta canza ba, jerin gwano ne. Zango na 1, wato rautar reshe, tsaf take, cikin ofis ba shi da laifi. A zango na 2 ne jinkiri da ɓacewa suka fara tare, kuma daga nan zuwa ƙarshe abin da aka ƙara kusan milisakan 11 ne, wanda nisan hanya ne kawai. Ke nan wurin shaƙewar shi ne layin da ya haɗa rautar reshe da kamfanin da ke ba da sadarwa. Lissafi ma ya yarda: megabit 10 yana fitar da kusan megabait 1.25 a sakan, don haka jiran milisakan 300 yana nufin kusan kilobait 375 ne ke jibge a ma'ajiyar rauta suna jiran fita.

Daga nan ping ya gama aikinsa, sai a duba ƙididdigar rautar a ga wane ɓangare ne ya cika. A irin wannan hali sau da yawa ɓangaren fita ne, saboda wata na'ura tana tura ajiyar fayiloli ko hotunan kyamarar tsaro zuwa hedikwata a lokacin aiki. Gwajin tabbatarwa mai sauƙi ne: a dakatar da turawar na minti biyar ana ci gaba da ping. Idan jinkiri ya faɗo zuwa 14 nan take, an kama shi. Maganin shi ne a mayar da turawar zuwa dare, a kuma ƙayyade fitar rauta ƙasa kaɗan da ƙarfin layin, kamar megabit 9, a ba murya fifiko. Da an kira kamfani an ce zango na 3 ya lalace, da an ɓata kwanaki a banza.

Rassanmu suna haɗe ta VPN, traceroute yana nuna zango biyu ko uku kacal. Yaya zan ga tsakiya?

A cikin bututun VPN fakitinka a naɗe yake cikin wani fakitin, don haka rautocin hanya ba sa taɓa TTL ɗinsa, duk tafiyar sai ta bayyana kamar zango ɗaya. Sai ka yi awo biyu: ɗaya ta cikin bututu zuwa adireshin ciki, ɗaya ta waje zuwa adireshin waje na ɗaya reshen, kamar yadda aka yi a misalin da ya gabata. Idan duka biyun sun lalace, layin ne. Idan waje lafiya amma ciki ba lafiya, ka duba na'urorin VPN ɗin, ko ƙwaƙwalwarsu ta cika da aikin ɓoye bayanai, ko kuma girman fakiti ne, wanda shi ne batun tambaya ta gaba. Layukan MPLS ma sukan ɓoye zangon tsakiya, ko su nuna zango da yawa a jere da jinkiri kusan iri ɗaya, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Ping yana tafiya sumul, amma fayiloli da wasu shafuka suna maƙalewa. Me ke faruwa?

Ka zargi girman fakiti. Ping na yau da kullum ƙarami ne ƙwarai, bait 32 a Windows, 56 a Linux, alhali fayil yana tafiya ne da cikakkun fakitoci na bait 1500. Naɗin VPN yana cin wani ɓangare na wannan sarari, kuma idan fayawol ta toshe saƙon ICMP da ke gaya wa mai aikawa ya rage girma, manyan fakitoci sai su riƙa ɓacewa shiru. Ana gwadawa da babban ping wanda aka hana a gutsuttsura shi:

```
ping -f -l 1472 10.1.0.20       (Windows)
ping -M do -s 1472 10.1.0.20    (Linux)
```

Lambar 1472 ta fito ne daga 1500 a cire bait 28 na kan fakiti. Idan bai wuce ba, ka riƙa ragewa har ya wuce, ka ƙara 28 a kan lambar da ta wuce, wannan ne MTU na hanyar, wato girman fakiti mafi girma da take iya ɗauka. Daga nan sai a daidaita MSS a kan rautar VPN. Amma ka lura da bambanci: idan manyan fakitoci ba sa wucewa ko kaɗan daga wani girma zuwa sama, MTU ne. Idan suna wucewa amma sun fi ƙanana yawan ɓacewa, kurakuran waya ne, domin dogon fakiti ya fi saurin cin karo da kuskure.

Na auna daga reshe zuwa hedikwata. Dole ne in sake aunawa daga hedikwata?

Dole ne, idan ana son hukunci mai ƙarfi. Traceroute yana nuna hanyar zuwa ce kawai, amma kowace lamba tana ɗauke da lokacin dawowa, kuma hanyar dawowa tana iya bambanta, musamman idan rassan biyu ba kamfani ɗaya ke ba su layi ba. Jinkirin da ka ga ya fara a zango na 4 yana iya kasancewa a wata hanyar dawowa ce da ba ka gani sam. Sakamako biyu, daga kowane ɓangare, a lokaci guda, su ne ke nuna wannan.

Na'ura ba ta amsa ping kwata-kwata. Ta mutu ke nan?

Ba lallai ba. Fayawol ta Windows takan toshe ping, haka ma sabobi da yawa. `Request timed out` yana nufin shiru kawai aka ji. `Destination host unreachable` kuwa wata na'ura ce ta ba da amsar, kuma adireshin da ya aiko da ita yana gaya maka inda tafiyar ta tsaya. Ka gwada tashar da manhajar ke amfani da ita kai tsaye, da `Test-NetConnection 10.1.0.20 -Port 443` a PowerShell ko `sudo traceroute -T -p 443 10.1.0.20` a Linux.

Me zan aika wa kamfanin da ke ba mu layi don su ɗauki ƙorafin da muhimmanci?

Kafin komai ka wanke gidanka: ping zuwa rautar reshe ta waya ya zama tsaf, kuma ka tabbatar ba ku ne kuka cika layin ba, kamar yadda ya faru a misalin tsakar rana. Sannan ka aika sakamakon `mtr` na fakiti 300 ko fiye daga ɓangarorin biyu, a rubuce ba hoton allo ba, tare da adireshin farawa da na ƙarshe, da rana da lokacin da aka auna, da awon ranar lafiya don kwatanci, da nauyin da ke kan layinku a wannan lokacin. Ka ambaci zangon da matsalar ta fara kuma ta ci gaba har ƙarshe. Idan akwai yarjejeniyar ingancin layi tsakaninku, ka duba yadda ta ce a auna ɓacewa da jinkiri, domin wasu suna lissafa matsakaicin wata guda ne, kuma a irin wannan lissafi sa'o'i uku na wahala kullum suna iya narkewa su zama lamba mai kyau. In haka ne, ka bar na'ura tana aunawa dare da rana, ka ware sakamakon lokutan aiki daban, ka aika musu shi sa'a bayan sa'a.